Sabuwar Takardar Sa Hannun Zuwa Aiki



Daga Litinin mai zuwa za mu ajiye tsohuwar rajista mu koma amfani da takardar da ke haɗe da wannan sanarwa. Kowace rana da tata takardar, za ku same ta a teburin sakatare.

Da isowarku, ku nemi layin da ba a cika ba na farko, ku rubuta cikakken suna da lambar ma'aikaci, sannan lokacin da agogon bangon ofis ya nuna, ku sa hannu da biro. Wanda ya shigo takwas da minti goma ya rubuta 8:10, kada ya mayar da shi 8:00. Da ƙarfe 8:30 sakatare zai ja jan layi, duk sunan da ya zo ƙarƙashinsa makara ce, sai mai shi ya faɗi dalili a gurbin bayani.

Gurbin tashi kuwa a bar shi sai an tashi. Idan aka cike shi tun da safe, ranar da wani abu ya faru ba za mu san wanda ke cikin ginin ba. Don Allah kada kowa ya sa wa wani hannu. In an yi kuskure, a ja layi ɗaya a kai, a gyara a gefe.