Darasin da na koya a layi na biyu

Lokacin da nake koyon aiki a wani wurin gini, oga ya sa na rushe layin bulo da hannuna. Laifina? Na jera bulo daidai kan bulo, gabar sama ta hau kan ta ƙasa. Ya ce, "Yaro, wannan bangon zai tsage daga sama har ƙasa."

Ga yadda ake yi. Bulo mai inci tara tsawonsa milimita 450 ne. Idan ka fara layin farko da cikakken bulo, fara na biyu da rabi, domin kowace gaba ta faɗo tsakiyar bulon da ke ƙarƙashinta. Haka nauyi ke rarrabuwa.

Kwaɓin da ke tsakani ya zama kamar milimita 10, kusan kaurin ƙaramin yatsa. In ya yi kauri, yakan tsuke ya tsage idan ya bushe.

Fara ɗaga kusurwoyi, ka duba tsayuwarsu da filam, sannan ka ja igiya tsakaninsu a kowane layi. Ka gyara bulo tun kwaɓi na ɗanye. In ya fara kamawa, kada ka bubbuga. Cire shi, ka sa sabon kwaɓi.