Yadda Ake Gano Musabbabin Tarin da Ya Wuce Mako Uku

Tarin mura yakan lafa da kansa cikin mako biyu zuwa uku. Idan ya zarce haka, akwai abin da ke riƙe da shi, kuma ruwan maganin tari na kemis ba zai kawar da wannan abin ba. A wurin babban mutum, abubuwa huɗu ne ya kamata a fara bincika: tarin fuka, wanda aka fi sani da tibi, sai asma, sai ƙwannafi, sai shan taba. Akwai tsarin da ake bi, kuma tibi ne farko, domin yana kisa, yana kuma yaɗuwa ga mutanen gida.

Mataki na 1: Ka lura da halin tarin

Kafin ka je asibiti, ka shirya amsar tambayoyin da za a yi maka. Yaushe tarin ya fi tashi: tsakar dare, da asuba, ko bayan cin abinci? Busasshe ne ko da majina? Me ke tayar da shi? Kana ramewa ko zazzaɓi? Ka tafi da duk magungunan da kake sha, domin wasu magungunan hawan jini, irin su lisinofril, suna sa busasshen tari wanda ba ya tsayawa sai likita ya canza maganin.

Idan kuwa akwai jini a majina, ko numfashi na sarƙewa kana zaune, ko ciwon ƙirji mai tsanani, to ba batun lura ake ba. A tafi asibiti a ranar.

Mataki na 2: Ka fara da gwajin tibi

Ƙwayar tibi tana cin huhu a hankali, shi ya sa tarin yake zuwa da rama, zazzaɓin yamma, zufar dare mai jiƙa riga, da rashin son abinci. Amma ba a jiran su cika. A Najeriya, duk wanda ya kai mako biyu yana tari ana so ya yi gwajin majina. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, kuma kiran lamba 3340 kyauta ne ga mai neman cibiya mafi kusa.

Wurin ba da majinar ake yawan kuskure. Ka kurkure baki da ruwa, ka fita fili nesa da mutane, ka ja dogon numfashi sau uku, sannan ka yi tari daga can cikin ƙirji. Ana buƙatar kamar cokalin shayi guda na majina mai kauri. Idan yawu ka tofa, sakamako zai iya nuna babu cuta alhali tana nan. Na'urar GeneXpert da ake gwada majinar da ita tana gama aikinta cikin kamar awa biyu, tana kuma nuna ko ƙwayar tana jin maganin rifamfisin ko ta bijire masa.

Idan an samu tibi, maganin na wata 6 ne: wata 2 ana shan haɗin magunguna huɗu, wata 4 ana shan biyu. Fitsari zai koma launin ruwan goro, wannan aikin rifamfisin ne, ba abin tsoro ba. Amma idan ido ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, a koma cibiya nan take. Tarin yakan yi sauƙi cikin 'yan makonni, kuma a nan ne wasu ke ajiye magani, cutar ta dawo da ƙarfi, wani lokaci ba ta jin maganin farko. Mutanen gida ma a kai su a duba, musamman yara ƙanana.

Kafin sakamako ya fito, kada ka sayi sifrofuloksasin ko lebofuloksasin da kanka. Suna danne ƙwayar tibi na ɗan lokaci, su ɓata gwaji, ba tare da sun kashe ta ba.

Mataki na 3: Ka duba asma

A asma, hanyoyin iska ne ke kumbura su tsuke. Tarin yana zuwa yana tafiya, ya fi tashi da dare da asubahi, kuma ƙurar hunturu, hayaƙin itace, turaren wuta ko gudu suna tayar da shi. Ƙirji yakan yi fito, amma akwai masu asmar da tari kaɗai suke yi. Asma ba ta kawo zazzaɓi ko zufar dare.

A asibiti za a sa ka hura iska da ƙarfi cikin na'urar auna numfashi, ka shaƙi salbutamol, a jira kamar minti 15, ka sake hurawa. Idan iskar da kake fitarwa a daƙiƙa ta farko ta ƙaru da kashi 12 cikin ɗari da kuma mililita 200, alama ce mai ƙarfi. Salbutamol buɗe hanya kawai yake yi na 'yan awoyi. Abin da ke kwantar da kumburin shi ne maganin shaƙa mai sitiroyid, kuma sai an yi makonni ana amfani da shi kafin a ce ya yi ko bai yi ba.

Mataki na 4: Ka duba ƙwannafi

Ruwan ciki mai tsami yana hawowa maƙogwaro ya tsokano tari. Za ka ji shi bayan cin abinci mai nauyi, ko da ka kwanta, ko lokacin ruku'u da sujada. Ana iya samun tsami a baki, yawan gyaran murya, da dishewar murya da safe.

Gwajin farko a gida ake yin sa. Ka bar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya. Ka ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da kamar santimita 15, domin tara matasai wuya kawai yake lanƙwasawa. Ka kwanta ta gefen hagu, ka rage maiƙo da yaji da daddare. Likita zai iya ba ka omefrazol, ana sha rabin awa kafin karin kumallo, har zuwa mako 8. Ya fi taimaka wa wanda yake jin ƙwannafin da gaske. Idan wa'adin ya cika tarin bai canza ba, a koma a nemi wani dalili.

Mataki na 5: Ka yi wa taba adalci

Hayaƙin sigari da shisha yana gurgunta ƙananan gasun da ke share majina daga hanyoyin iska. Majinar sai ta taru da dare, mutum ya tashi da safe yana kakinta. Gwajin shi ne dainawa: tarin yakan ɗan ƙaru a farko, sannan ya ragu sosai cikin kamar wata guda. Haɗarin shi ne a ɗora wa taba kowane tari, alhali mashayi ya fi saurin kamuwa da tibi da sankarar huhu.

A ɗauki misalin tela ɗan shekara 45, mai shan kara goma a rana, wanda ya daɗe yana tarin safe. Yanzu ya yi mako biyar yana tari har da rana, wandonsa ya yi masa yawa, yana tashi cikin zufa. Taba tana iya bayyana tsohon tarin, amma ba ta bayyana ramar da zufar ba. Majina zai fara bayarwa. Idan gwaji bai nuna tibi ba, sai hoton ƙirji, domin canjin tari ga mashayi a waɗannan shekaru yana buƙatarsa. Sai dukkansu sun fito lafiya za a koma kan asma da ƙwannafi, ɗaya bayan ɗaya, don a san wanne magani ne ya yi aiki. Ana iya samun biyu a jikin mutum ɗaya, saboda haka idan tarin ya ragu amma bai tafi ba, a ci gaba da maganin farko, a gwada na gaba a kansa.