Bitamin Iri Biyu: Mai Wucewa da Mai Taruwa

Bitamin C da yawancin dangin B suna narkewa cikin ruwa. Jiki ba ya ajiye su da yawa. Ƙoda takan fitar da rarar cikin fitsari, don haka ana bukatarsu a abinci kullum. Amma A, D, E da K cikin mai suke narkewa. Hanta da kitsen jiki sukan ajiye su, musamman A da D, har watanni. Tun da ba sa fita da sauƙi, yawan shan ƙwayoyinsu yakan zama guba. Rarar bitamin A takan lalata hanta, tana kuma iya nakasa ɗan tayi. Saboda haka kada mai juna biyu ta sha ƙwayoyinsa sai da izinin likita.