Malmala Biyu da Miyar Taushe

Ɗana, hoton da ka aiko mini ya iso tun bayan La'asar, ban ba ka amsa nan take ba domin na fi so in zauna in dube shi a tsanake, kamar yadda nake duban faranti a zamanin da nake da ƙarfin tsayuwa gaban murhu. Ka ce tuwon shinkafa ne da miyar taushe, ka sa shi a WhatsApp kwana uku ke nan, mutane suna gani suna wucewa, ba wanda ya ce a kawo masa. Na san hannunka, na ci miyarka ranar sunan ɗan yayarka, saboda haka ba ni da shakka a kan ɗanɗanonta. Sai dai wanda ke kallon waya ba ya jin ƙamshin daddawa, ba ya jin ɗumin tuwo a yatsunsa, ido kaɗai gare shi, kuma abin da idon ya gani a hoton nan bai kai abin da ke cikin tukunyarka ba.

Ga yadda na auna shi, kai ma ka riƙa yin haka kafin ka saki kowane hoto. Na miƙa hannuna da wayar har iyakarsa, na kau da kai, sannan na waiwayo na yi masa kallo ɗaya irin na mai wucewa, na tambayi kaina: wane abinci ne wannan, kuma ina idona ya fara sauka? Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, domin gyara nake nema maka. Ban gane tuwo ba ne sai a kallo na biyu. Idona ya fara sauka ne a kan ɗigon manja da ya gangaro bakin farantin, daga nan ya tafi kan murfin tukunya da ledar ruwa da ke bayansa. Wanda ya dafa abinci ba ya ganin irin waɗannan, saboda shi ya riga ya san abin da ke cikin farantin, zuciyarsa tana cike masa abin da hoton ya rasa. Baƙo kuwa abin da aka nuna masa kawai yake gani.

Mu fara da tuwon, domin shi ne uban tafiyar. Ka kwarara miya a kansa har ta rufe shi, ya zama tudu ɗaya mai launin ƙasa, ba a ganin inda tuwo ya ƙare miya ta fara. A gida haka ake yi, kuma ba laifi, amma a hoto farin tuwon ne ke fito da launin miyar, idan ka binne shi ka binne su duka biyun. Ɗan gefen da ya leƙo kuma yana ɗauke da tamojin leda, alamar cewa ka kwance shi ne daga ƙulli ka ajiye. Leda tana riƙe zafi, na sani, amma tana barin zane a jikin tuwo kamar fuskar wanda ya tashi daga barci. Idan za ka zuba na hoto, ɗauki mara ka tsoma ta a ruwa, ka kwashi tuwon da zafinsa, ka juya shi a cikin ƙaramar ƙwarya ko kwano mai ɗan danshi har ya mulmulu ya yi sumul. Malmala biyu matsakaita sun fi ƙatuwa ɗaya kyan gani, ka jingina su da juna a gefe guda. Kada kuma ka mulmula su ka tafi neman waya, musamman da hunturu, domin cikin ƴan mintuna saman tuwo yake bushewa ya yi fata, ƙyallin nan da ke nuna laushinsa ya tafi.

Farantin da ka zaɓa fari ne fat, tuwon ma fari, saboda haka ko da ba ka rufe shi ba gefensa zai narke a cikin farantin. Iyayenmu da ke zuba tuwo a akushi ba su san hoto ba, amma baƙin itacen nan yana sa farin tuwo ya fito kamar wata a daren sha huɗu. Idan kana da akushi mai tsabta a gida ka gwada shi. Idan babu, nemi tangaran mai duhun launi wanda ba shi da zanen furanni, domin furanni suna gasa da abinci wajen jan ido. Girmansa ya zama taƙi ɗaya da ɗan ƙari, yadda abincin zai zauna a tsakiya, a bar fili kamar faɗin yatsu biyu ko uku a kewaye.

Wannan fili na bakin faranti ina da labari a kansa. Ina saurayi, a ɗakin girkin wani otel a Kaduna, babban kukunmu ya taɓa dawo mini da faranti sau biyu a jere bai ce uffan ba, sai a karo na uku ya nuna mini da haɓarsa shatin babban yatsana a bakin farantin. Na ji zafi a ranar, amma daga baya na gane abin da yake nufi: mai ci ba zai shiga ɗakin girki ya duba tsabtarka ba, bakin faranti ne yake ba shi labarinta. Tun daga nan ban ƙara sakin faranti ba sai na zagaye bakinsa da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi aka matse. Ɗigon manjan nan na hotonka, shafa ɗaya ce za ta kawar da shi.

Miyar ce ta fi ba ni tausayi, domin taushe miya ce mai launi tun asalinta. Ga ruwan ɗorawar kabewa, ga jan manja da tattasai, ga koren alayyafo da yakuwa, ba ta bukatar a ƙara mata wani ado daga waje. Amma a hotonka ganyen ya yi duhu ya koma kamar na miyar kuka, kuma na san dalili: ko dai ka zuba shi da wuri ya daɗe yana tafasa, ko kuwa miyar ta wuni a kan garwashi kafin ka tuna da hoto. Alayyafo a ƙarshe ake zuba shi, bayan kabewa ta narke gyaɗa ta nuna, a ba shi kamar minti 5 a sauke, tsamin yakuwa ma yana saurin kashe masa kore idan suka daɗe tare a kan wuta. Saboda haka hoton taushe da zarar an sauke ta ake ɗauka, ba da yamma ba bayan an yi ta ɗumamawa. Na kuma lura man ya taso ya kwanta a sama ya yi tafki, wannan alamar miyar ta huce ce a cikin farantin. Ka juya tukunyar da ludayi kafin ka ɗiba, ka ɗebo daga ƙasa inda kaurin yake, idan mai ya yi yawa ka tsame shi da cokali. Ɗan ƙyalli yana kira, tafkin mai kuwa yana korar mutanen yanzu, da yawansu likita ya ja musu kunne.

Ka zuba miyar a gefen tuwon, ta taɓa gindin malmalar ba tare da ta hau kanta ba, ko ka sa ta a ƙaramin kwanonta daban ka jera su. Naman kuma, ɗana, ina yake? Na san ka sa, domin na hango wani abu ya ɗan turo daga ƙarƙashin ganye, amma mai saye ba zai biya kuɗin abin da yake hasashe ba. Tsamo yankan tun farko ka ajiye a gefe, bayan ka zuba miya ka ɗora su a sama da hannunka, yadda za a iya ƙirga su a kuma bambanta tsoka da tantaƙwashi.

Sai bayan farantin ya gyaru ake maganar waya, kuma ba sai ka sayi sabuwa ba. Goge gilashin kyamarar da bakin rigarka tukuna, domin wayar mai girki ba ta rabuwa da maiƙo, shi ne hazon da ya lulluɓe hotonka. Hoton nan naka da dare ka ɗauke shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ka kuma kunna hasken wayar, shi ya sa man ya yi walƙiya fari-fari, inuwar hannunka ta faɗa kan rabin abincin. Kai farantin kusa da taga ko bakin ƙofa da hantsi, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan abincin kai tsaye, ka kashe fitilar ɗakin, hasken ya zo daga gefe. Idan ɗaya ɓangaren ya yi duhu, tsayar da farin kwali a can ya mayar masa da haske. Kada ka ɗauka daga sama tsaye, wannan na faifan masa ne ko tiren ƙosai da ke shimfiɗe. Tuwo yana da tudu, sai ka karkato wayar daidai yadda mutumin da ya zauna zai ci yake kallonsa. Tuwon kansa shi ne ma'auninka: idan ya fito fari a hoto, sauran launukan ma daidai suke, idan ya yi rawaya ko shuɗi-shuɗi, hasken ne bai yi ba, sai ka canza wuri. A bayan farantin kada a ga komai sai tabarma mai tsabta ko faifai.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka, shi ya fi damuna a cikin zancen nan duka. Na ga yaran yanzu suna ƙara wa hoto launi har manja ya koma kamar fenti, suna jera nama biyar a farantin hoto su aika wa mai saye biyu. Kada ka bi su. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma ranar da mutum ya buɗe robar da ɗan aikenka ya kai masa, da hoton nan zai gwada ta, yana riƙe da shi a hannu ɗaya. Idan yanka uku kake sa wa a kuɗin da ka faɗa, uku za su fito a hoto, da ludayin da kake auna wa kowa za ka auna miyar hoton. Tunda kuma yawancin cinikinka na aike ne, ka ɗauki hoto na biyu a cikin robar kanta, tuwo a nasa wurin, miya a nata, domin mutum ya san abin da zai iso ƙofarsa.

An kusa kiran Magariba, idanuna ma sun gaji da hasken wayar nan. Gobe in Allah ya kai mu, ka shirya faranti da tsumma da wurin hoton tun miya tana kan wuta, da ka sauke ka zuba ka ɗauka. Ka aiko mini guda uku in gani, ka kuma gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata akushin kakarku da ke ƙarƙashin gadonta nake so ta ara maka.