Tafintan da Ya Juya Magana

Tafinta shi ne mutumin da ke tsayawa tsakanin mutum biyu waɗanda ba su jin harshen juna. Wannan ya yi magana, shi kuma ya mayar wa wancan. Ke nan kunnen ɗaya da bakin ɗaya duk suna hannunsa. In ya riƙe amana, magana ta isa yadda aka faɗe ta. In kuwa ya ga dama ya karkatar da ita, da wuya wani ya gane.

A darasinmu na yau za mu duba wani wasan kwaikwayo wanda ya nuna wannan al'amari a fili. Wani marubuci ne mutumin ƙasar Ailan, mai suna Brian Friel, ya rubuta shi. Sunan wasan Translations, watau fassarori, kuma an fara nuna shi a birnin Derry a shekarar 1980.

Ailan tsibiri ce yamma da Ingila. Labarin wasan ya koma baya ne zuwa shekarar 1833, sa'ad da tsibirin duka ke ƙarƙashin mulkin Sarkin Ingila. Marubucin ya ƙaga wani ƙauye, ya sa masa suna Baile Beag, watau ƙaramin gari. Mutanen ƙauyen manoma ne, harshen Ailan suke yi, yawancinsu ba su jin Ingilishi. Akwai wani tsohon malami da ke da 'yar makaranta a cikin rumfar dabbobi. 'Ya'yansa biyu ne, Manus da Owen. Manus yana gida yana taimakon ubansa koyarwa. Owen kuwa ya yi shekara shida a birnin Dublin.

Ran nan da maraice ana cikin karatu, sai ga Owen ya komo tare da hafsoshin soja biyu na Ingila, Kyaftin Lancey da Laftanan Yolland. Sun zo aikin safiyo ne, watau auna ƙasa da zana taswirarta, sun kuwa ɗauki Owen ya zama tafintansu. Kyaftin ya miƙe don ya yi wa jama'a bayani. To, yara, ku kasa kunne ku ga abin da ya faru da maganarsa.

Da fari Kyaftin ya yi dogon bayani. Ya ce gwamnatin Sarki ce ta ba da umurni a auna ƙasar duka, a kuma zana ta bisa ma'aunin inci 6 ga kowace mil. Ma'anar wannan ita ce, hanya mai tsawon mil 2 za ta zama inci 12 a bisa takarda. Da Owen ya juyo wajen mutanensa, sai ya ce musu za a yi sabuwar taswirar ƙasa, ya yi shiru. Umurnin gwamnati ya ɓace, ma'auni ya ɓace. Wannan shi ne ragi.

Sa'an nan Kyaftin ya faɗi dalilin aikin. Ya ce ana so shugabannin soja su sami cikakken labarin kowane lungu na ƙasar. Owen ya ce wa jama'a, wai an ba soja aikin ne don sun gwanance da shi. Ku lura da kyau. Kalmar soja tana cikin maganar Kyaftin, tana kuma cikin ta Owen. Amma Kyaftin ya ce don amfanin soja za a yi taswirar, shi kuwa Owen ya mai da su ma'aikata kawai. Wannan shi ne sauyi, ya kuwa fi ragi wuyar ganewa, domin kalmomin sun yi kama.

Har wa yau Kyaftin ya ce za a sāke kimanta darajar filaye, don a daidaita haraji. Daidaita haraji kuwa na nufin na wani zai ragu, na wani ya ƙaru. Amma Owen ya gaya wa mutane cewa nan gaba kowa zai san iyakar abin da doka ta ba shi, kuma sabuwar taswira za ta sa a rage haraji. Kyaftin bai yi wa kowa da kowa wannan alkawari ba. Wannan shi ne ƙari.

Mutane suka ji daɗi, ba wanda ya ta da murya. Amma Manus yana jin Ingilishi. Da aka gama, sai ya jawo ɗan'uwansa gefe, ya ce masa abin da ya faɗa ba shi Kyaftin ya faɗa ba, kuma wannan aiki na soja ne tsantsa. Owen ya mai da abin wasa. A ganinsa ya sanyaya magana ne don kada a yi tashin hankali, baƙi su ji daɗi, 'yan gari su ji daɗi.

Watakila wani zai ce, yaya masu kallo ke gane an juya magana, alhali ba su jin harsunan biyu? A nan marubucin ya yi wata dabara. A bisa dandali, da hafsoshin da ƙauyawan duk Ingilishi suke yi, sai dai masu kallo sun ɗauka a ransu cewa ƙauyawa harshen Ailan suke yi. Saboda haka mai kallo yana jin maganar Kyaftin, yana jin ta Owen nan take, yana auna su da kansa. Ya san abin da mutanen ƙauyen ba su sani ba, har ya riƙa jin tausayinsu.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Can wajen ƙarshen wasan sai Laftanan Yolland ya ɓace. Kyaftin ya komo makarantar a fusace, ya umurci Owen ya fassara daidai. Ya ce in ba a sami labarin Yolland ba, bayan awa 24 za a harbe dabbobin ƙauyen. In har yanzu shiru, bayan awa 48 za a kori mutane a rushe gidajensu. A wannan karo ba abin da za a sanyaya. Owen ya faɗa wa danginsa maganar kamar yadda take, har da sunayen unguwannin da za a rushe. Mutanen da aka kwantar wa hankali da fari, sai ga masifa ta same su ba shiri.

In kun ga ana tafinta, ga alamu biyu na lura. In mai magana ya daɗe yana bayani, tafinta ya gama da kalma biyar, lalle an yi ragi. In kuma fuskar mai magana a murtuke take, maganar tafinta kuwa sai daɗi, a yi tambaya. Amma sauyi irin na Owen ba mai kama shi sai wanda ya ji harsunan biyu, kamar Manus.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara nuna wasan, a wane birni?
2. Bisa ma'aunin Kyaftin, hanya mai mil 3 inci nawa za ta zama a takarda?
3. Faɗi hanyoyi uku da Owen ya bi ya juya magana.
4. Me ya sa Manus ya gane?

Aiki

Mutum uku su fito gaban aji: baƙo, da tafinta, da mai gari. Baƙo ya faɗi magana uku, tafinta ya juya ɗaya daga ciki. Sauran 'yan aji su faɗi wadda aka juya, su kuma ce ko ragi ne, ko sauyi, ko ƙari.