Ciniki Ɗaya, Rahoto Biyu: Yadda Tallace-tallacen Intanet Ke Kumbura Sakamakonsu

Masu sayar da kaya ta intanet sukan kasa tallarsu gida biyu. Ta farko ita ce tallar neman sababbi, wadda ake nuna wa mutanen da ba su taɓa jin labarin shagon ba. Ta biyu kuwa tallar bibiya ce, wadda ke bin sawun waɗanda suka riga suka leƙa shagon, suka duba kaya, amma suka fita ba su saya ba. Duk wanda ya taɓa duba takalmi a wayarsa, sa'an nan hoton takalmin ya dinga biyo shi ko'ina, to ya gamu da irin ta biyun. A ƙa'ida jama'ar waɗannan tallace-tallace biyu daban suke. A aikace kuwa sukan cakuɗe, kuma daga nan lissafi ke fara ɓaci.

Kafin a ga yadda yake ɓaci, ya kamata a san yadda kamfanonin talla ke ƙirga ciniki. Mai shago yakan dasa wata 'yar alama a shagonsa na intanet, wadda ke aika wa kamfanin labari duk lokacin da wani ya sayi kaya. Sai kamfanin ya duba bayanansa: shin wannan mutum ya taɓa tallarmu kwanan nan? A tsarin da Meta, mai Facebook da Instagram, ya saba bi tun 2021, idan mutum ya latsa talla ya kuma saya cikin kwana 7, ko ya gan ta kawai ya saya cikin kwana 1, to cinikin na tallar ne. Google kuma, idan ba a sauya masa ba, yakan ba da kwana 30 bayan latsawa. Babu wanda ke leƙa littafin ɗan'uwansa a cikinsu.

Misali da alƙaluma

A ɗauka akwai wata mai sayar da takalma, ko wane ɗaya Naira 10,000. A wata guda ta kashe Naira 300,000 wajen neman sababbi a Instagram, da Naira 100,000 wajen bibiya a Google. Da wata ya ƙare, rahoton farko ya ce ya kawo ciniki 70, na biyu ya ce ya kawo 60. Jimla 130 ke nan. Amma da ta buɗe littafin shagonta sai ta tarar takalma 100 kawai aka saya.

Babu rahoton da ya yi ƙarya. Abin da ya faru shi ne, mutum 40 sun latsa tallar Instagram, suka shiga shago, suka fita, daga nan tallar bibiya ta cim musu, suka latsa, suka saya. Ko wane rahoto ya rubuta su a nasa. Ɗaliban da suka yi darasin rukunai a lissafi za su tuna da wannan ƙa'ida:

`n(A ∪ B) = n(A) + n(B) − n(A ∩ B)`

Wato 70 a tara da 60, a debe 40, saura 90. Ragowar 10 ɗin sun zo ne ba tare da wata talla ta taɓa su ba. Saboda haka rahotannin biyu sun nuna cinikin Naira 1,300,000, alhali abin da ya shiga aljihu duka-duka Naira 1,000,000 ne. Wannan ita ce alama mafi sauƙin ganewa: muddin jimlar rahotanni ta zarce littafin shago, an ƙirga wasu sau biyu.

Idan tallace-tallacen biyu a asusu ɗaya suke na kamfani ɗaya, galibi ba a ƙirga ciniki sau biyu, domin a tsarin Meta, alal misali, tallar da aka latsa daga ƙarshe ake bai wa. Sai dai wannan ba ya nufin lissafi ya gyaru. Tallar bibiya ce ta fi zama ta ƙarshe, don haka ita ke kwashe yabo, ko da ɗayar ce ta yi wahalar kawo mutumin.

Ɓarnar da ba ta fitowa a jimla

Akwai wani kumburin da ya fi wannan ɓoyuwa. Na'urar da ke rarraba talla an umarce ta ne ta nemo masu saye a farashi mafi sauƙi, kuma babu wanda ya fi sauƙin saye kamar wanda ya riga ya san shagon. Idan ba a hana ta ba, sai ta karkata ga tsofaffin abokan ciniki, tana nuna musu tallar da aka tanada domin baƙi. A misalin nan, a ce 25 daga cikin 70 ɗin tsofaffi ne. Mai takalma tana zaton ko wane sabon mai saye ya ci mata kusan Naira 4,300, alhali idan aka raba 300,000 gida 45, kusan Naira 6,700 ne.

Ita kuwa tallar bibiya, a takarda ba ta da na biyu, domin ko wace Naira ɗaya ta dawo da shida. Amma da yawa daga cikin waɗanda take bi sun riga sun yanke shawara, albashi kawai suke jira. Haɗarin shi ne mai shago ta ruɗu, ta kwashe kuɗin neman sababbi ta zuba a bibiya. Bayan 'yan makonni sai masu leƙowa su ragu, tallar ta riƙa maimaituwa a kan mutanen nan dai har su gundura, ciniki ya faɗi.

Yadda ake gano gaskiya

Mai gwada taki a gona ba ya zuba wa duk kunyoyi. Yakan bar wasu babu taki, domin ya sami abin kwatantawa. Haka ake yi a nan. A ce mutum 2,000 suka leƙa shagon a wata mai zuwa. Sai a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, a nuna wa 1,000 tallar bibiya, a ƙyale 1,000. Idan 30 suka saya a rukunin farko, 22 kuma a na biyu, to ciniki 8 ne kawai tallar ta ƙara, ko da rahoto ya ce 30. Da yake Naira 50,000 aka kashe, ko wane ƙarin ciniki ya ci Naira 6,250, ba 1,700 ba. Amma a yi hattara, tazarar 30 da 22 ƙanƙanuwa ce, sa'a kaɗai tana iya haifar da ita, don haka sai an tsawaita gwajin ko an ƙara yawan mutane kafin a yanke hukunci.

Ba ƙananan shaguna kaɗai ke faɗa wa irin wannan rami ba. A wani bincike da Blake da Nosko da Tadelis suka wallafa a 2015, an dakatar da wasu tallace-tallacen kamfanin eBay a injunan bincike, aka ga cewa tasirinsu ya fi bayyana a kan sababbi da masu saye jefi-jefi, alhali yawancin kuɗin yana tafiya ne kan waɗanda za su saya ko babu talla.

Gyaran farko shi ne a cire masu leƙowa da tsofaffin masu saye daga jerin tallar neman sababbi. Ranar da aka yi haka rahotonta zai yi muni, kuma wannan ba abin tsoro ba ne, kumburi ne ya sace. Sai dai cirewar ba ta cika ɗari bisa ɗari. Wanda ya sauya waya yana iya komawa baƙo a idon na'ura, haka ma wanda ya ƙi yarda a bi sawunsa, zaɓin da Apple ya fara sa wa masu iPhone a gaba tun 2021. Jerin masu leƙowa a Meta kuma ba ya wuce kwana 180, saboda haka wanda ya saya tun da daɗewa sai an nemo shi a littafin shago an cire shi da hannu.