Sabon tabarau da ciwon kai: a duba tazarar idanu

Ƙorafin da na fi ji a ɗakin gwajin ido a nan Tamale shi ne: "Likita, ina gani tas da sabon tabarau, amma kafin azahar kaina kamar zai tsage." Da yawa an riga an ce musu su yi haƙuri, ido zai saba. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa ƙarfin gilashin daidai yake, inda aka samu kuskure shi ne wani ɗan awo da ba a cika kula da shi ba, wato tazarar da ke tsakanin idanu biyu.

A takardar tabarau ana rubuta wannan awo da haruffa biyu, PD. Shi ne nisan da ke tsakanin ɗigon baƙin da ke tsakiyar idon dama da na idon hagu, kuma da milimita ake auna shi. Na yawancin manya yana tsakanin 54 da 74, mafi yawa kuma suna kusa da 63. Kowane gilashi mai ƙarfi yana da wata cibiya guda ɗaya inda haske ke wucewa miƙe ba tare da ya karkata ba. Aikin mai yanka gilashi shi ne ya sa cibiyar nan ta faɗa daidai gaban tsakiyar ido. Idan ta goce gefe, hoton abin da ake kallo zai ci gaba da fita sarai, sai dai ya matsa daga inda yake.

A nan wahalar take farawa. Idon dama yana ganin abu a wani wuri, na hagu yana ganin sa a wani, ƙwaƙwalwa kuma ba ta yarda da hoto biyu. Sai ta tilasta wa tsokokin da ke juya ido su yi ta jan idanun domin hotunan su haɗu. Kamar mai tuƙa babur ne da kan babur ɗin ya karkace: zai isa Aboabo lafiya, amma kafaɗunsa za su ba da labari. Tsokokin ido ma suna iya riƙewa na ɗan lokaci. Idan aka wuni a haka, sai nauyi a goshi da tsakanin girare, idanu su gaji, rubutu ya riƙa rawa ko ya rabu biyu, wani ma har jiri da tashin zuciya.

Girman matsalar ya dogara da abu biyu, kuma akwai lissafinsa da muke kira ƙa'idar Prentice: a ɗauki gocewar cibiya da santimita, a ninka da ƙarfin gilashin. Sakamakon shi ne yawan karkatar hoto. Karkata 1 tana nufin abin da ke nisan mita 1 ya matsa da santimita 1.

Ga misali daga aikina. Wata ɗaliba da ba ta ganin nesa tana amfani da gilashi mai ƙarfin -5.00 a kowane ido. Yayanta ya yi mata odar sabo daga waje da hoton takardarta, wadda ba a rubuta tazara a kai ba. Na auna ta, na samu 62. Na ɗora tabarau a na'urar duba gilashi, na ɗiga tawada a cibiyoyin biyu, na sa rula, sai ga 68. Bambancin milimita 6 ne, wato kowane ido ya goce da santimita 0.3. Idan aka ninka 0.3 da 5 za a samu 1.5 a ido ɗaya, 3 ke nan a idanun biyu. Ma'ana, idan tana kallon allo daga mita 6, hotunan idanunta biyu sun rabu da santimita 18. Kuma irin wannan gilashi, idan cibiyoyinsa sun yi faɗi, waje yake tilasta wa idanu su buɗe, alhali idon mutum ya fi iya matsowa ciki a kan buɗewa waje. Aka sake yanka gilashi mai ƙarfi iri ɗaya a kan 62, ciwon kan ya tafi ba tare da ta sha ko ƙwaya ɗaya ba.

Da a ce ƙarfin gilashinta 1.00 ne, wannan kuskure na milimita 6 karkatar 0.6 kawai zai haifar, kuma da wuya ta ji komai. Shi ya sa wani zai sayi tabarau ba awo ya zauna lafiya, maƙwabcinsa ya yi haka ya sha wuya. Gwargwadon ƙarfin gilashinka, gwargwadon buƙatarka ga awo na gaskiya.

Awon ba ya ɗaukar lokaci. Muna amfani da wata ƙaramar na'ura da ake ɗorawa a karan hanci, ko kuma rula mai milimita. Idan da rula ne, mai awo yana zama daidai gabanka, tsayinku ɗaya, ya rufe idonsa ɗaya ka kalli buɗaɗɗen, sannan ya sauya. Abin da ya fi kyau shi ne a auna kowane ido daban daga tsakiyar hanci, domin fuska ba ta cika zama daidai wa daida ba. Mutum zai iya samun 31 a dama da 33 a hagu. Jimillar 64 ce, amma idan aka raba ta biyu aka ba kowane ido 32, duka biyun sun goce. Wannan ya fi tsanani a gilashi mai haɗa nesa da kusa ba tare da layi ba, domin hanyar da ido ke bi zuwa wurin karatu siririya ce. Shi kam har tsayin ido a cikin firam sai an auna, kuma da firam ɗin da za a sa.

Akwai kuma bambanci tsakanin nesa da kusa. Idan mutum ya duƙufa kan abu na kusa, idanunsa suna matsowa juna, tazarar ta ragu da milimita 3 zuwa 4. Telan da ke saka zare a allura, da mai ɗinkin riga, da malamin da ke bitar Alƙur'ani, tabarau nasu na kusa da awon kusa ya kamata a yi shi. Tabarau na karatu da ake sayarwa a kasuwa kuwa, an yanka su ne a kan tazara ɗaya ga kowa. Mai +1.00 ba ya cika damun mutum. Mai +3.00 a fuskar da ba ta dace da shi ba yana iya kawo ciwon kai cikin ɗan zama kaɗan.

Kana iya yin wani gwaji a gida. Idan ka ji idanunka suna ja, ka rufe ɗaya da tafin hannu ka ci gaba da karatu na 'yan mintuna. Idan nauyin ya sauka, alama ce matsalar tana wajen haɗa idanun biyu, kuma tazara na daga cikin abin da za a fara tuhuma. Idan bai sauka ba, ƙila ƙarfin gilashin ne ko kusurwarsa. Ɗan baƙunta na kwana biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, amma ganin abu biyu, ko ciwon kan da ya kai mako biyu bai ragu ba, ba na jira ba ne.

Ba kowane ciwon kai ba ne na tabarau. Wanda ya zo farat ɗaya da jan ido, da amai, da dushewar gani, ko ganin zobe kewaye da fitila, yana iya zama hawan jinin ido. Mai wannan ya nufi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tamale ko asibiti mafi kusa a ranar, kada ya tsaya wajen mai tabarau.

Jama'a, duk wanda aka gwada wa ido, ya nemi a rubuta masa PD a takardarsa, na dama da na hagu, kafin ya aika ta Kumasi ko Accra ko ƙasar waje. Wanda kuma sabon tabarau ke sa shi ciwon kai, ya koma da shi tare da tsohon, ya ce a ɗiga masa cibiyoyin gilashin a gwada da tazarar idanunsa. Idan ba su dace ba, gilashin za a sake. Allah Ya ƙara mana lafiya.